Yadda muke gaya wa iyaye batun rukunin karatu ba tare da sun ji ɗansu ya gaza ba



Duk wanda ya taɓa aikin sa kai na koyar da yara karatu a Azare ko a garuruwan ƙasar Katagum ya san cewa samun yaran ba shi ne mai wuya ba. Inda wuyar take shi ne bakin ƙofar gida, lokacin da za ka tsaya gaban mahaifi ka gaya masa cewa ɗansa, wanda ya shekara huɗu yana sa kayan makaranta kullum da safe, bai iya karanta jimla ɗaya ta Hausa ba tukuna. Idan maganar ta fita daidai, yaron ya sami taimako. Idan ta fita a karkace, ɗaya daga cikin abu uku ne ke faruwa: ko a yi wa yaron duka, ko a ƙi turo shi, ko kuma, musamman idan mace ce, a ce tunda bokon bai karɓe ta ba gara ta zauna gida. Magana zarar bunu ce. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta yadda muke bi, ko zai amfani masu irin wannan aiki a Madara, Chinade, Bulkachuwa da sauran wurare.

Abin da uba ke ji idan an ce "a turo shi rukunin karatu"

Kafin mu yi maganar abin da za a faɗa, ya kamata mu san abin da kunnen iyaye ya riga ya saba ji. A garuruwanmu, saƙo daga makaranta yawanci abu biyu yake ɗauke da shi: ko yaro ya yi laifi, ko ana neman kuɗi. Saboda haka tun kafin ka buɗe baki, uban ya shirya ko dai ya kare kansa ko ya kare aljihunsa. Idan ka ce "lesin", ya ji kuɗin wata. Idan ka ce "ɗanka yana baya", ya ji an ce daƙiƙi ne. Idan ka ce "za mu ware su", ya ji an buɗe ajin daƙiƙai kuma an sa jininsa a ciki.

Akwai kuma wani abin da ke ƙara dagula lamarin. Iyaye da yawa suna da hujjar da ta sa suka yarda yaron yana karatu. Suna ganin littafinsa cike da rubutu, suna jin sa yana rera abin da aka koya a aji, kuma katin sakamakonsa ya nuna ya ci jarrabawa an ciyar da shi gaba. Ba su san cewa a ajin da ya cika maƙil yaro yana iya kwafe duk abin da ke kan allo tsaf ba tare da ya iya karanta shi ba, yana kuma iya haddace shafi da baki ta hanyar bin muryar 'yan aji. Don haka idan ka zo da labarin cewa bai iya ba, kamar ka ƙaryata abin da suka gani da idonsu ne. Dole ne a zo musu da abin da za su gani su ma, domin gani ya kori ji.

Gaskiyar da ke sauƙaƙa maganar

Akwai gaskiya guda da muke so kowane mai wannan aiki ya riƙe, domin ita ce ke cire nauyin daga kan yaro. Gwaje-gwajen karatu da aka yi wa 'yan firamare a jihohin Bauchi da Sakkwato a shekarun 2011 da 2013 sun nuna cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta gajeren labarin Hausa. Wannan na cikin dalilan da suka sa daga 2015 aka shigo da shirin koyar da karatu a jihohin biyu tare da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wanda ya samar da littattafan Mu Karanta! na aji ɗaya zuwa uku. Ma'anar wannan a wajen uba ita ce ɗansa ba shi kaɗai ba ne, kuma abin da ya sami yara masu yawa haka ba a ɗora shi a kan ƙwaƙwalwar yaro ɗaya.

Hanyar da muke bi wajen raba yara rukuni ma ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta shahara da ita: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga inda karatunsa ya tsaya, a haɗa shi da waɗanda suke daidai da shi ba tare da duba ajinsu ba, a koya musu daga nan. An fara gwada tsarin a Borno a 2018, daga baya ya iso Kano. Tun 2005 kuma ƙungiyar ke gudanar da wani bincike inda ake bi gida gida ana gwada yara a inda iyayensu ke iya gani. Wannan na ƙarshe ya koya mana abu mai amfani: gwajin da uwa za ta iya kallo ta gane shi ya fi katin sakamako tasiri a zuciyarta.

Amma idan muna magana da iyaye ba ma kiran Indiya ko Amurka. Muna da misalin da ya fi kusa da su, wato makarantar allo. A can kowane yaro da allonsa. Wani yana babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani ya fara karanta sura. Suna zaune a tabarma ɗaya, shekarunsu na iya zama ɗaya, amma malam ba ya rubuta wa yaro sabon karatu sai ya biya na jiya ya wanke allonsa. Babu uban da ya taɓa jin kunya don an ce ɗansa yana farfaru. Ya san mataki ne, kuma ya san shi ma ta nan ya bi. Da zarar mun ce wa mahaifi "yadda ake yi a makarantar allo haka za mu yi da boko, kowa daga inda allonsa ya tsaya", rabin aikin ya ƙare.

Gwajin da muke yi, da dalilin da ya sa ya zo kafin magana

Ba ma zuwa gidan kowa sai mun san takamaiman inda yaron yake. Takarda ɗaya ce, mai kashi huɗu: haruffa, kalmomi, 'yar gajeriyar sadara mai jimla huɗu, da ɗan labari. Ana zama da yaro shi kaɗai, a gefe, ba bulala a kusa, kuma bai wuce 'yan mintuna ba. Idan ya karanta jimlolin nan huɗu kamar mai magana, sai a ba shi labari. Idan ya kasa, sai a sauko kan kalmomi ya zaɓi biyar, in ya sami huɗu yana matakin kalma. In bai samu ba a sauko kan haruffa, nan ma huɗu cikin biyar. Wanda bai sami haruffan ba shi ne mafari. Matakai biyar ke nan: mafari, harafi, kalma, sadara, labari.

Amfanin wannan ga maganar iyaye shi ne yana ba ka abin faɗa wanda ba zagi ba ne. "Ba ya ƙoƙari" hukunci ne a kan yaro, kuma babu abin da uba zai iya yi da shi sai fushi. "Ya san haruffansa, abin da ya rage masa shi ne haɗa su su zama kalma" bayani ne a kan aiki, yana da farko yana da ƙarshe.

A fara da kowa kafin a zo kan ɗaya

Babban abin da ke sa iyaye su ji an nuna ɗansu da yatsa shi ne su fara jin labarin rukunin a ranar da aka ce ɗansu na ciki. Saboda haka muke sanar da shirin tun kafin a gwada ko yaro ɗaya. Mukan fara da shugaban makaranta da kwamitin kula da makaranta na unguwa, sannan mai unguwa, sannan a roƙi liman ya ambata bayan salla. A ɓangaren mata, malamar Islamiyyar matan aure ta fi kowa saurin isar da saƙo. Abin da ake faɗa a wannan mataki gajere ne: za a saurari karatun kowane yaro daga aji uku zuwa shida, kowa zai shiga rukunin da ya dace da shi, ba a biyan ko sisi, kuma ba ya shafar ciyar da yaro gaba ko maimaita aji.

Kalmar "kowa" dole ta zama gaskiya. Idan waɗanda suka iya karatu suna tafiya gida su bar sauran a zaune, yara da kansu za su raɗa wa rukunin suna kafin mako ya zagayo, kuma sunan zai riga ka isa gida. Don haka masu matakin labari ma suna da nasu rukunin, inda suke karanta littattafai suna ba da labarin abin da suka karanta. Sunayen rukunonin kuma ba ma sa su da lamba ko da abin da ke nuna fifiko. Idan ka kira wani rukuni Zaki wani Kunkuru, ka gama magana. Mukan yi amfani da sunayen itatuwa, kamar Kuka, Tsamiya, Dabino da Giginya, waɗanda ba wanda zai ce wannan ya fi wancan.

Ba ma aika wasiƙa da sakamakon yaro a ciki. A gidaje da yawa, wasiƙar boko sai an kai wa maƙwabci ko wani ɗan sakandare ya karanta, kuma daga nan sirrin gida ya zama na unguwa. Haka nan ba ma liƙa jerin sunaye a bango, ba ma kuma tura sakamako a zauren waya na iyaye. Labarin yaro ɗaya baki da baki ake faɗarsa.

Wa zai je, wa za a samu, a ina

A tsarin gidajenmu, izini na wajen maigida, amma lokacin yaro yana hannun uwa. Ita ta san lokacin da ake aiken sa, lokacin talla, lokacin ɗebo ruwa. Idan ka shawo kan uba ka bar uwa, yaron zai zo kwana biyu ya daina. Idan ka shawo kan uwa ka tsallake uba, ranar da ya ji zai ce an raina shi. Saboda haka mukan tafi mu biyu, namiji ya tsaya da maigida a zaure, mace ta shiga ciki.

Wurin da ake maganar yana da nauyi kamar maganar kanta. Ba a tare mutum a majalisa ko a bakin shagonsa gaban abokan ciniki. A cikin gida kuma, idan akwai kishiya, ba a faɗa a tsakar gida, sai a ɗakin uwar yaron, domin ranar da aka yi saɓani maganar za ta dawo a matsayin gori. Idan gida ɗaya yana da yara daga ɗakuna biyu kuma matakinsu ya bambanta, kowace uwa labarin nata kawai ake ba ta. In ta tambayi na ɗayan, amsar ita ce kowa yana rukunin da ya dace da shi.

Sannan a kula da kara. Idan yaron ɗan fari ne, uwar na iya kau da kai, ta ƙi kiran sunansa, ta ce "ai sai ku gaya wa gwaggonsa". Wanda bai san al'ada ba sai ya ɗauka ba ta damu ba, ya ƙara matsa mata da bayani. Ta ji komai. A irin wannan gida, kaka ko gwaggo ko wadda ke riƙon yaron ita ce za ta iya tattaunawa a sake, don haka ita ake nema.

Misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Bari mu ɗauki wata yarinya 'yar aji huɗu a wata unguwa cikin Azare. Mahaifinta ɗan tireda ne, mahaifiyarta tana dafa abincin sayarwa a gida, yarinyar ce ke kai talla bayan an tashi daga makaranta. A gwaji ta karanta haruffa biyar duka. Da aka zo kalmomi, ta karanta "baba" da "gida", amma da ta ga "tsuntsu" sai ta tsaya, da ta ga "ɓera" sai ta ce "bera", da ta ga "kwando" sai ta kira haruffan ɗaya bayan ɗaya ba ta haɗa su ba. Biyu cikin biyar ke nan, don haka tana matakin harafi. Amma gwajin ya nuna mana fiye da haka: ta fara haɗa gaɓa mai sauƙi ta baƙi da wasali, abin da ke tsayar da ita shi ne haruffa masu lanƙwasa irin ɓ, ɗ da ƙ, da tagwayen baƙaƙe irin ts, sh da kw, da gaɓar da ta ƙare da baƙi. Wannan aiki ne sananne mai iyaka.

Bayan gaisuwa da tambayar kasuwa da iyali, ga yadda ɗan uwanmu ya shigar da maganar a zaure:

"Malam, batun karatun nan ne da liman ya sanar ranar Juma'a. Mun saurari yaran aji huɗu duka, har da 'yar wajenka. Mun ce bari mu zo mu gaya maka abin da muka ji, tunda kai ne mai ita. Alhamdu lillahi ta san haruffanta, ko ɗaya ba ta ɓata ba, kuma ta fara haɗa su. In da a makarantar allo ne sai mu ce ta gama babbaƙu ta shiga farfaru. Abin da ya rage shi ne ta saba da haɗa masu ɗan wuya, don ta riƙa karanta kalma kai tsaye. Akwai yara da yawa a wannan mataki, tare za su zauna."

A lura da jerin. An fara da tunatar da shi cewa abin na kowa ne. An ba shi girmansa na mai 'ya. An faɗi abin da ta iya, kuma gaskiya ne, ba daɗin baki ba. Sannan aka faɗi abu ɗaya da ya rage. Ba a ce "matsala" ba, ba a ce "tana baya" ba, ba a kwatanta ta da kowa ba.

Mahaifin ya yi shiru, sannan ya yi tambayar da kusan kowane uba ke yi: "To shekara huɗun nan me ake koya mata?" Wannan tambaya tarko biyu gare ta. Idan ka zagi malamai don ka faranta masa, gobe ba zai ga amfanin tura ta makaranta ba, kuma ka ɓata da mutanen da kake aiki da su. Idan ka kare makaranta, laifin ya koma kan yarinya. Amsar da aka ba shi ita ce: "Malam, ka san yawan yaran ajinsu. Malami ɗaya ba zai iya sauraron kowa shi kaɗai ba, kuma littafin aji huɗu yana tafiya ne kamar kowa ya riga ya iya karatu. Wanda wani abu ya wuce shi a aji ɗaya ko biyu, ba a komawa a ɗauko masa. Komawar nan ita ce aikinmu."

Sai ya tambaya a fili: "Wato dai ba ta iya karatu ba?" A nan ba a yin kwana. An ce masa: "Labari cikakke ba ta kai ba tukuna. Haruffa ta iya, ƙananan kalmomi ta fara." Tausasa magana daban, ɓoye gaskiya daban. Idan ka ce masa komai lafiya, ba shi da dalilin sakin ta daga talla, kuma ranar da ya gano da kansa ba zai sake yarda da kai ba. Kalmar "tukuna" ita ce ke ɗauke da nauyin maganar, amma tana aiki ne kawai idan ka biyo ta da lokaci. Saboda haka aka ce masa bayan mako shida za a sake sauraron ta da irin wannan takarda, kuma za a dawo a gaya masa abin da aka ji. Ba a yi masa alkawarin cewa za ta iya karanta labari a ranar ba, alkawarin dawowa kawai aka yi.

A ciki kuma, 'yar uwarmu ta tarar da damuwar uwar daban ce. Ita ba ta tambayi mataki ba, cewa ta yi: "Wa zai kai mini tallar?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma wa'azi a kan illar talla ba ya amsa ta a wannan zama. Aka zauna aka duba makon yarinyar: boko da safe, talla da rana, Islamiyya da yamma daga Asabar zuwa Laraba. Sai aka ga yammacin Alhamis da Juma'a babu Islamiyya, safiyar Asabar da Lahadi kuma babu boko. Aka tsayar da awa ɗaya a kowace daga cikin ranakun nan huɗu, ba a taɓa lokacin talla ba, ba a taɓa na Islamiyya ba. Duk shirin da ya ci karo da karatun addini ko da abincin gida, iyaye za su zaɓi waɗancan, kuma suna da hujja.

Daga nan aka ba uwar nata aikin. Ita ba ta yi boko ba, kuma ta faɗa da ɗan jin nauyi. Aka ce mata: "Maman yara, ba sai kin iya ba. Za ta riƙa zuwa da 'yar takarda mai kalmomi biyar. Bayan magariba ki ce ta karanta miki. Ke kin san Hausa, in ta ce bera kin san ɓera ne, sai ki ce sake dai. Roƙonmu ɗaya, kada a daka mata tsawa, kada a bar yayyenta su yi mata dariya." Uwar ta yi murmushi ta ce wannan kam za ta iya. Iyayen da aka ba abin yi suna jin an ɗauke su abokan aiki. Waɗanda aka kawo wa labari kawai aka tafi, su ne ke kwana da zafin abin.

Da mako shida ya cika aka sake gwaji, yarinyar ta karanta kalmomi huɗu cikin biyar, ta koma rukunin kalma. Har yanzu jimla tana yi mata nauyi, tana karanta ta kalma kalma. Haka aka je aka faɗa, kuma a wannan karon an bar ta ta karanta wa mahaifinta da kanta, abin da aka san ta iya. Ba a taɓa sa yaro ya karanta gaban iyayensa abin da zai kasa don a tabbatar musu da gaskiyar gwaji. Idan uba ya nace sai ya gani tun ranar farko, a fara daga haruffa a hau sama, a tsaya a kan abu na ƙarshe da yaron ya yi daidai.

Yadda za a gane maganar ba ta zauna ba

Ba kowace ziyara ke tafiya haka ba, kuma mutanenmu ba kasafai suke cewa a'a a gaban baƙo ba. Idan maigida ya ce "to, za mu duba" bai tambayi rana ko wuri ba, yawanci bai amince ba. Wanda ya amince yakan yi tambaya, ko da ta ƙorafi ce. Idan yaro ya zo zama na farko a takure, ba ya ɗaga kai, ko ya ce an yi masa faɗa a gida, alama ce cewa abin da iyayen suka ji shi ne ya gaza. Idan ya zo sau biyu ya ɓace, a bincika ko tsokanar yara ce ko lokacin ne ya ci karo da wani aiki. A duk waɗannan, komawa ake yi cikin 'yan kwanaki, kuma a tafi da wani abu mai kyau na gaskiya da yaron ya yi, ko da harafi biyu ne sababbi. Wani lokaci kuma mai saƙon ake canzawa: uban da ya ƙi sauraron matashi ɗan sa kai yakan saurari sa'ansa wanda nasa ɗan ke cikin rukunin.

Akwai kuma yaran da Hausa ba ita ce harshen cikin gidansu ba. A ƙasar Katagum muna da gidajen Fulani, na Barebari da na Karekare. Yaron da ya tashi da Fulatanci a ruga yana iya gane harafi sarai amma kalmar da ya haɗa ba ta ba shi ma'ana nan take. Wannan ba rauni ba ne, kuma haka ya kamata a gaya wa iyayensa: yana ɗauke da harshe biyu, yana bukatar ƙarin hira da labari da Hausa tare da karatun. In da hali, wanda ke jin harshen gidan shi ya kamata ya kai saƙon.

Inda tausasawa ke da iyaka

Mafi yawan yaran da ke zuwa a kai a kai suna motsawa daga matakinsu. Amma akan sami wanda an gwada shi sau biyu, yana zuwa ba fashi, bai gusa ba. A nan bai halatta mu ci gaba da cewa "tukuna" ba tare da mun duba dalili ba. Mukan lura ko yana kai takarda dab da idonsa, ko yana runtse ido idan ya kalli allo, ko sai an maimaita masa magana, ko yana juya kunne ɗaya wajen mai magana, ko kunnensa na zubar da ruwa. Idan mun ga irin haka, mukan gaya wa iyaye abin da muka gani kawai, mu ba su shawarar a kai shi asibiti a duba ido da kunne, tunda a Azare akwai inda ake yin wannan. Mu ba likitoci ba ne, ba ma sa wa yaro sunan wata cuta. Idan kuma ido da kunne lafiya suke, sai mu ce musu wannan yaro yana bukatar lokaci fiye da na sauran da kuma zama shi kaɗai da mai koyarwa, mu nemi shawarar malaman da suka karanci fannin, irin waɗanda ake samu a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. Wannan magana ta fi ta farko nauyi, amma iyayen da ka riga ka je musu sau biyu da gaskiya sukan karɓe ta da sauƙi.

Roƙonmu ga 'yan uwa

Ga masu niyyar buɗe irin wannan rukuni a unguwarsu, kada ku gwada yaro ɗaya sai kun sanar da kowa, kada kuma ku sanar sai kun tabbatar kuna da masu koyarwa da wurin zama da ranar sake gwaji. Gaya wa uba inda ɗansa ya tsaya alhali ba ka da abin da za ka yi a kai, ɗora masa damuwa ne kawai. Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Bauchi, Kano, Abuja ko ƙasashen waje waɗanda ke ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan dangi a gida, idan kun zo hutu kuka ga yaro bai iya karanta abin da kuka miƙa masa ba, kada ku faɗa a tsakar gida. Ku ja mahaifinsa gefe, ku fara da abin da yaron ya iya.

Ga iyaye kuma, idan ɗayanmu ya yi sallama a ƙofarku da wannan magana, ku tambaye shi abu uku: me yaron ya iya yanzu, me za a koya masa, kuma yaushe za a dawo muku da labari. Wanda ya amsa waɗannan ukun ya san abin da ya kawo shi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani. Amin.